Musayar da Abdul-Rahim Maigem Ya Yi wa Surukinsa

Wanda duk ya taso a Nima, daga kasuwa zuwa bakin babban kwalbatin da ya raba ta da Maamobi, ya san shagon Abdul-Rahim Maigem, ko da bai taɓa shiga ba. Ɗaki ne guda mai ƙofar ƙarfe, da benci biyu, da talabijin jere a jikin bango. Gem senta ake ce masa. Waɗansu da suka fara riƙe makaman wasa, wato abin da ake latsawa a sarrafa wasan, a kan bencin nan suna da gemu yanzu, su ne ma suke zuwa su ja kunnen nasu 'ya'yan su fitar da su lokacin makaranta.

Mahaifinsa mutumin Tawa ne ta ƙasar Nijar, fataucin albasa ya kawo shi Ankara, babban birnin Gana, ya zauna a unguwar Nima. Ya so ɗan ya gaje shi, amma Abdul-Rahim tun yana saurayi hannunsa ba ya rabuwa da waya da sukudireba. Ya fara da na'ura guda mai cin kaset, wadda sai an hura mata iska da baki kafin ta tashi. Daga nan aka koma ta faifai, aka koma wadda ba ta son faifan ma. Kowacce ta zo ya karɓe ta, ya san ciwonta, ya san maganinta. Dattijan masallaci sun daɗe suna masa kallon mai ɓata yara, sai ya ɗauki al'ada: ladan na kira, zai kashe komai, ya kora kowa alwala, ko da ana tsakiyar bugun fanareti. Da haka aka bar shi. Har ta kai in uwa tana neman ɗanta ba ta tashin hankali, ta san inda yake, ta kuma san zai yi salla.

Mutum ne mai sanyin murya, ba ya faɗa. Aibinsa guda: a kan na'urar wasa ba ya tambayar kowa. Shi ake tambaya. Kuma a cikin shekarun nan duka abu ɗaya ya zauna masa a kai, don bai taɓa ganin ya saɓa ba: wasan da aka ce na na'ura kaza ne, in ka sa shi zai yi, kuma yadda ya yi a ɗakin wani haka zai yi a naka.

'Yarsa ta fari Fa'iza ce. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kama sunan, Uwata yake ce mata. Ta auri Jamiu, ɗan Yarabawan Nima, mai kai saƙo a kan babur. Gidan su Jamiu ba su san kunyar suruki irin ta mutanen Tawa ba, amma yaron ya lura da gidan da ya shigo, ya koya har ya fi masu ita. In ya hango Abdul-Rahim a lungu sai ya cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba, ba su taɓa zama benci ɗaya ba. In akwai magana, Fa'iza ce take kai ta, ta kawo amsa. Abin da zai ba ka mamaki, su biyun nan abu ɗaya suke so a duniya, wato wasa, amma ko sau ɗaya ba su taɓa yin hirarsa ba.

Jamiu ba ya zuwa gem senta, ina zai zauna gaban surukinsa yana ihu? Laftof gare shi, irin na masu wasa, mai kauri, mai cajar da ta kai bulo nauyi. Ya daɗe yana tara abin saye kafin ya same shi, na hannu ne ma. A kansa yake hutawa in ya dawo daga rana.

Sai ga shi wata damina tirotiro, motar haya ta cikin gari, ta buge shi a wajen unguwar Malam, ƙashin cinya ya karye kusa da ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sallamo shi gida, aka ce ya kwanta rigingine, kada ya ɗora nauyi, zama ma kaɗan-kaɗan, har sai likita ya ce. Mutumin da ya saba zaga Ankara sau uku kafin azahar, ga shi yana ƙirga ramukan kwanon rufi.

Abdul-Rahim yana zuwa dubiya kullum bayan la'asar. Ba ya shiga. A bakin labule yake tsayawa.

"Uwata, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Daga ciki murya ta fito: "Sannu da zuwa, Baba. Na gode, Baba."

"Allah ya ƙara sauƙi."

Shi ke nan dubiyar. Wata rana da Fa'iza ta rako shi bakin zaure sai ta yi ƙorafi, ba da wata manufa ba. Ta ce laftof ɗin ya zama wahala. In ya ɗora a ciki, nauyi da zafi. In ya ajiye a katifa, ramukan iskarsa su toshe, fanka ta riƙa kuka kamar injin niƙa. In ya sa a kujera gefe, wuyansa ya ƙage. In kuma aka ɗauke wuta, a kan batir wasan sai ya yi sanyi, kafin a jima ma ya mutu. Ta ce akwai wani sabon wasa da ya sa rai a kansa tun kafin hatsarin, na wani mai takobi da yake ratsa daji zuwa wani babban birni, ya fara ke nan abin ya faru. Yanzu sai ya yi kaɗan ya ajiye, ya juya fuska bango.

Maganar ta bi Abdul-Rahim har bes. Bes kuwa shi ne inda mazan unguwa suke zama da yamma a dafa shayin ataya. Nasu na tsofaffi ne, a ƙarƙashin rumfar wani mai walda. A nan yake haɗuwa da Saaka, Badagombe daga Tamale, mai sayar da laftof na hannu a kasuwar Tudu. Sun fi shekara ashirin suna zama tare, kuma ba a taɓa tashi ba su yi musu ba.

"Na samo maganin yaron nan," in ji Abdul-Rahim. "Akwai gem na hannu da ake yayi yanzu, allo a tsakiya, makamai a gefe. Kwamfuta ce sukutum. Wasannin da ke kan laftof duk suna kanta. Mutum na kwance zai riƙe abinsa kamar littafi."

Saaka ya kurɓi ataya ya ce, "Suna kanta daban, suna gudu a kanta daban."

"Kai kuma ka fara."

"Masa, mutumina, saurara. Laftof ɗin surukinka yana da injin zane nasa na kansa, ban da wanda ke tunani. In ya jona wuta yana shan wutar da ta kai wat fiye da ɗari. Wannan ta hannun abu ɗaya ne yake tunanin yake zanen, kuma wat goma sha biyar ake ba shi, don kada ya ƙona maka tafi. Akuya da raƙumi duk suna ɗaukar kaya, amma..."

"Ni za ka koya wa gem? Lokacin da nake hura kaset kana Tamale kana korar zabi."

Aka kwashe da dariya. Saaka ma ya yi, ya ce, "To, sarkin gem. Ni dai na ce a tambayi wane wasa yake yi. Tsofaffin wasanni da matsakaita za ta ja su lafiya lau in an rage musu kwalliya. Sababbin manya ne, wani ta ja, wani ta durƙusa."

"In an rubuta wasa yana kanta, yana kanta."

Washegari ya aiki Fa'iza da saƙo: a gaya wa mai jiki ya ba da laftof ɗin, za a musanyo masa da abin da ya fi dacewa da mai kwanciya. Ya ji shiru a bayan labule, shirun ya ɗan yi tsawo. Sannan muryar Jamiu: "To, Baba. Yadda ka gani, Baba. Allah ya saka." Fa'iza ta fito da jakar, tana kallon ƙasa. Shi kuwa ya ɗauka godiya ce ta ɗaure musu baki.

Bai je Tudu wajen Saaka ba, don kada a ce ya bi ta hannunsa. Ya nufi Sakul, inda ake hada-hadar waya da kwamfuta, ya sami wani mai rumfa da ke karɓar musaya. Mutumin ya buɗe laftof, ya duba, idonsa ya ɗan yi haske, ya fito da na'urar hannun cikin jakarta. Ya kunna masa wasan tseren mota. Kai, abin ya yi kyau. Mota na sheƙa gudu, rana na walƙiya a jikin gilashi, ko ɗigon tsaiko babu. Abdul-Rahim ya yi zagaye biyu, ya kwanta da baya a kujera ya ɗaga ta sama ya ga hannu na iya ɗauka. Bai tambayi shekarar da wasan tseren ya fito ba. Aka tafa, kowa ya riƙe nasa. A Sakul kuwa in an tafa an tafa.

Fa'iza ta kai na'urar wajen masu intanet aka sauke wasan mai takobi da sunan mijinta. Daga ranar, duk la'asar ɗin da Abdul-Rahim ya shigo gidan, tun daga tsakar gida yake jin ƙarar wasa daga ɗakin: kiɗa, da kukan tsuntsayen daji, da amon takobi.

"Uwata, ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"Abin yana yi?"

Daga ciki: "Yana yi, Baba. Na gode, Baba."

Sai ya fita ƙirjinsa a buɗe. A bes kuwa Saaka ya shiga uku. Kullum sai an tuna masa akuya da raƙumi. "Akuyar nan fa har yau tana tafe da kayan," in ji Abdul-Rahim, "ko tari ba ta yi." Saaka ya ce shi bai gani da idonsa ba. Musu ya yi musu, har wata Asabar mai walda ya ce, "Kun ishe mu. A kawo abin nan kowa ya gani."

Abdul-Rahim ya je da kansa ya karɓo. Fa'iza ta tsaya a ƙofa da na'urar a hannu ba ta miƙa ba.

"Baba, ina za a kai ta?"

"Shago. Yanzu zan dawo da ita."

"Batir ɗinta ya yi ƙasa."

"Akwai wuta a shago."

"Baba..."

"Miƙo mana, Uwata, mutane na jira."

Mutanen bes suka cika bencin gem senta, samarin da ke wasa suka ajiye makamai suka matso. Don kowa ya gani, Abdul-Rahim ya jona ta da babbar talabijin ta tsakiya. Wasan ya buɗe. Ga mai takobi tsaye a bakin wani rafi, shi kaɗai, ciyawa na kaɗawa. Sai dai hoton da a ƙaramin allo yake kamar a wanke, da aka shimfiɗa shi a babba ya zama kamar an shafa masa man kaɗanya. Ganyen itatuwa ya cure, fuskar mutumin ba ido ba hanci sosai.

"Talabijin ɗin ce," in ji Abdul-Rahim.

"Wannan kam ba laifinta ba ne, don ƙaramin allo aka yi ta," in ji Saaka. "Ba ni in kunna maka lamba." Ya latsa wani wuri, wata 'yar lamba ta fito a kusurwa. Ya juya ga mutane ya ce, "Wannan hotunan da take zanawa ne a daƙiƙa guda. Sittin, santsi. Talatin, ana wasa. In ta yi ƙasa da haka da yawa, to sai haƙuri."

Lambar tana wasa tsakanin ashirin da bakwai da talatin.

"Ka gani?" in ji Abdul-Rahim. "Talatin!"

"A bakin rafi. Ba kowa sai ciyawa. Shiga gari."

Abdul-Rahim ya karɓa, ya tura mai takobi ya hau gada, ya nufi ƙofar birni. Lamba ta fara sauka. Ashirin da huɗu. Ashirin. Da ya kutsa cikin kasuwar birnin, ga jama'a, ga fitilu, ga ruwan sama na sauka a kan duwatsu, sai ta faɗo sha bakwai, sha huɗu. Mutumin ya koma tafiya kamar mai taka ƙaya: ya ɗaga ƙafa, ya tsaya, sai ka gan shi can gaba. Fankar na'urar ta ɗauki kuka, iska mai zafi na fita ta samanta. Wasu masu gadi uku suka taso masa. Abdul-Rahim, wanda yatsunsa suka fi shekara talatin a kan makami, ya ga sara na zuwa ya latsa kaucewa a kan kari. Sai da takobin ya sauka sannan mutumin ya kauce. Ya sake, haka. A na uku aka kwantar da shi.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Da an yi ma da ya fi masa. Wani saurayi a baya ya ce, "Cale, abokina, wannan ai hoton biki ake nuna mana ɗaya-ɗaya," sai wani ya buge masa ƙeya.

"Setin ne," in ji Abdul-Rahim, muryarsa ta ƙanƙance. "A rage setin."

Saaka ya karɓa ya shiga wurin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya karkato allon yadda Abdul-Rahim kaɗai zai gani, ya yi ƙasa da murya. Inuwa tana kan mafi ƙaranci. Yawan jama'a, mafi ƙaranci. Haske, ciyawa, nisan gani, duk an kai su ƙasa. Har dabarar nan da na'ura ke zana hoto ƙarami ta buɗa shi, an tura ta iyakarta, shi ya sa fuska ta narke.

"Babu sauran abin ragewa," in ji Saaka. "Yaron ya riga ya bi ko'ina."

Ya zare wayar talabijin ya miƙa masa na'urar, ya juya ga mutane ya ce ataya na hucewa.

Abdul-Rahim ya rufe shago kafin lokaci, abin da bai saba ba. Hanyar gidan Jamiu ba nisa, amma ya bi ta bayan kasuwa don kada ya wuce ta gaban rumfar mai walda. Ya tarar da Fa'iza tana wanki a tsakar gida. Ya yafito ta zaure.

"Tun yaushe?"

Ta goge hannu a zane. "Tun ranar da ya isa ƙofar birnin. Satin farko."

"To ƙarar da nake ji kullum?"

"In na ji tafiyarka sai in ce masa ga Baba. Sai ya kunna, ya koma bakin rafi yana saran ciyawa."

"In na tafi fa?"

"Ya kashe. Wani lokaci ya yi na tseren mota, wannan yana yi sosai. Akwai wasu ƙanana ma da ya ce ba laifi. Amma wanda ransa ke so, ya gwada ya gwada, har ya ce kansa na juyawa in ya daɗe yana kallo. Rubutun ma ƙanana ne, sai ya kawo shi kan hanci."

"Me ya hana ku faɗa?"

Ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta cika yi ba. "Baba, wa zai faɗa? Shi? Ranar da ka aiko a ba da laftof, cewa ya yi da ni, surukina bai taɓa neman komai a wajena ba, yau ya nema in ce a'a? Na ce bari ni in gaya maka, ya ce in na faɗa bai yafe ba. Ya ce a Nima kaf kai ne gem, kada a ji a bakin gidanka aka ce ka yi kuskure." Sai ta ƙara da cewa, "Ka tambaye shi wane wasa yake yi ma, Baba? Ni ka tambaya? Ni me na sani?"

Ya miƙa mata na'urar ya juya. A bayansa, daga cikin ɗaki, ya ji Jamiu yana cewa, "Baba ne? Sannu da zuwa, Baba." Wannan karon ƙafarsa ba ta kai shi bakin labule ba.

Da safe ya tafi Sakul. Mai rumfa ya gane shi, ya yi masa fara'a, ya ce laftof ai bai kwana biyu ba wani ɗalibi ya ɗauke. Ya ce in yana so a sake wata musayar, ga wasu nan. Ya nuna masa sirara masu kyan gani, na ofis. Ko Abdul-Rahim a yanzu ya san waɗannan ba su da injin zane na daban, ta hannun ma ta fi su jan wasa. Ya yi godiya ya fito.

Kwanaki bai je bes ba, bai je dubiya ba. Yana buɗe shago, ya zauna, ladan ya kira ya kashe, ya kunna. Matarsa Amama ta gaji da ganinsa haka. Ta ajiye masa koko da ƙosai ta ce, "Malam, yaron nan yana tambaya ko ya yi maka laifi ne. Ka ɗauke masa abin wasa, yanzu kuma ka ɗauke masa ƙafarka?"

Ranar ya hau tirotiro zuwa Tudu.

Rumfar Saaka tana bayan tashar manyan motoci, sai ka ratsa 'yan dako da masu tura kaya. Bai taɓa zuwa ba, duk shekarun nan. Saaka na ganinsa ya miƙe.

"Lafiya? Sarkin gem a Tudu? Ko zabi ka zo saye?"

"Saaka, na zo roƙo."

Saaka ya dubi fuskarsa, ya bar wasan. Ya jawo masa kujera, ya aika a kawo ruwa. Abdul-Rahim ya faɗi abin da ke tafe da shi yana kallon tayil: aron laftof mai injin zane, har yaron ya tashi, shi kuma ta hannun a sa ta a kasuwa, ya cika abin da ya rage a hankali a mai da wa yaron irin nasa.

"Wane wasa?" in ji Saaka. "Wancan na birni?"

"Shi."

Saaka ya sauko da wani baƙi mai tsagewa a murfi. Ya ce bai kai na Jamiu ƙarfi ba, amma ya gwada wasan a irinsa, a matsakaicin setin yana ba da arba'in zuwa hamsin, a cikin kasuwar ma ba ya sauka ƙasa da talatin da biyar, muddin yana jone da wuta. In an ɗauke wuta, to ya koma ta hannun ya yi tsere, don haka kada a yi saurin sayar da ita, a nan ita ce gwana. Sannan ya ce, "Amma ai matsalar farko tana nan. A ina zai ɗora?"

Duk tsawon lokacin nan, wannan ce tambayar, kuma ba ta gem ba ce. Ta kafinta ce.

Wani kafinta a Maamobi ya haɗa musu abin a yini biyu: tebur mai ƙafa huɗu da zai haye gado, samansa a karkace yana fuskantar mai kwanciya, da ɗan katako a ƙasa mai tare laftof, da manyan ramuka a baya don iska. Makami kuwa Abdul-Rahim ya zaɓo mafi kyau a shagonsa, mai doguwar waya.

Ya ɗauko teburin da kansa, Fa'iza na biye da jaka. A bakin labule ya tsaya kamar kullum.

"Uwata, shiga da shi."

Ta gwada. Katakon na da nauyi, kuma sai an ɗaga shi sama an tsallake da shi kan ƙafar da aka yi wa aiki, a sauke a hankali. Ta ce, "Baba, ni kaɗai zan sake karya shi."

Ya duba tsakar gida. Ba namiji ko ɗaya, duk an fita nema. Ya cire takalmi, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai ji ba, ya ɗaga labule.

Bai taɓa ganin cikin ɗakin ba. Jamiu ya rame, gemu ya cika masa fuska. Yana ganin wanda ya shigo ya yunƙura zai tashi, zafi ya mai da shi, ya jawo zane ya rufe ƙirji.

"Kwanta," in ji Abdul-Rahim. "Kwanta abinka."

Suka ɗaga teburin shi da 'yarsa, suka tsallake ƙafar, suka sauke. Sai ya zamana dole ya sunkuya ya daidaita karkatar da idon mai kwanciya, kansa dab da kan surukinsa, har yana jin numfashinsa. Shi yana kallon katako, Jamiu yana kallon kwanon rufi.

"Nan ya yi?"

"Ya yi, Baba."

Abdul-Rahim ya tsaya, hannunsa a kan katakon. Ya ce, "Kada ka ce mini ya yi."

Fa'iza ta sami abin gyarawa a jikin jaka.

Can Jamiu ya ce, a hankali, "A ɗan ɗaga shi sama kaɗan, Baba. Kuma hasken taga yana bugun allon."

Abdul-Rahim ya sa ɗan guntun katako ya ɗaga, ya je ya saki labulen taga, ya jona caja a bango. Ya so ya faɗi maganar da ya taho da ita tun daga Tudu, ya shirya ta a tirotiro, ya sake shirya ta a wajen kafinta. Ba ta fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Na aro ne. Naka ya tafi. Ni na tafi da shi."

"Ba komai, Baba."

"Da komai."

Ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita, sai a zaure ya tuna ya sa su.

Jamiu ya tashi bayan watanni, yana ɗan ɗingishi, ya koma kan babur. Laftof ɗin Saaka ya koma Tudu. Na Jamiu kuwa har yau ba a gama mai da masa ba, ana kan hanya. In sun haɗu da Abdul-Rahim a lungu, Jamiu yana nan yana cire takalmi ya durƙusa tun daga nesa, sai dai yanzu Abdul-Rahim ne yake riga shi sunkuyar da kai.